Faɗin tashar wayifai: tambayoyin da ake yawan yi mani kan 20, 40 da 80, da dalilin da ya sa ƙaramin yakan fi zama daram a unguwa mai cunkoso

Aikina haɗa wayifai ne a gidaje da shaguna, kuma tambayoyin nan kusan kullum sai an yi mani su, wani a waya wani ido da ido ina kan tsani ina ɗaura rauta, shi ya sa na ce bari in tara su wuri ɗaya in huta da maimaici. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma sai an yi haƙuri dan maganar ba ta fahimtuwa in an gutsure ta.

Wai mene ne ma faɗin tashar nan da kake ta magana a kai?

Wayifai rediyo ne, rediyo sak irin wanda muka sani, sai dai maimakon murya data yake aikawa. Kamar yadda kowace tashar rediyo take da mitarta haka rautarka take zaɓar tasha guda ta zauna a kai, tashar kuma ba ɗigo ɗaya ba ce, fili ne mai faɗi, ana auna shi da megahaz. Mafi ƙanƙanta da za ka gani a rautar gida shi ne 20, daga nan sai 40, sai 80, sai 160, sababbin na'urori ma har 320 suna yi. Ita 40 ba wata sabuwar aba ba ce, tashoshi biyu ne na 20 masu maƙwabtaka aka manna su, 80 huɗu ne, 160 takwas. Wannan mannawar ta shigo ne da tsarin 802.11n a 2009, sannan 802.11ac ya kawo 80 da 160 a 2013.

In ka shiga saitin rauta za ka ga an rubuta Channel Width ko Bandwidth, wasu kuma su rubuta HT20, HT40, VHT80, duk abu ɗaya ne, lambar ƙarshen ita ce faɗin.

To ai babba ya fi sauri, me zai sa in rage da hannuna?

Ya fi sauri, ban musa ba, amma in filin naka ne kai kaɗai. Matsalar ita ce wayifai yana da wata ɗabi'a ta ladabi da aka gina shi a kai: kafin ya yi magana sai ya saurara tukuna, in ya ji wani yana magana a tashar sai ya yi shiru ya jira, in an gama ya ƙara ɗan jinkiri sannan ya fara. Rautarka, wayarka, rautar maƙwabcinka, mayifai ɗin ɗan haya na ɗakin sama, duk wannan dokar suke bi matuƙar suna jin juna.

To ka ga wanda yake kan 20 wuri ɗaya kawai yake jira ya yi shiru. Wanda yake kan 80 kuwa in yana son ya aika da cikakken faɗinsa sai wurare huɗu sun yi shiru a lokaci guda. Kamar ka je tasha ne ranar jajibirin sallah kana neman kujera ɗaya a mota, da wani da ya zo da iyalinsa ya ce shi lallai kujera huɗu a jere yake so, kai ka daɗe da kama hanya shi yana nan yana leƙa motoci.

Bari mu ɗan yi lissafi na misali. A ce kowace tasha ta 20 maƙwabta suna cinye kashi 30 cikin ɗari na lokacinta, saura 70 babu kowa. Mai 20 sau 70 cikin ɗari zai samu hanya a buɗe. Mai 40 sai biyun sun buɗe tare, 0.7 sau 0.7, wato 49 cikin ɗari. Mai 80 kuma 0.7 sau huɗu a jere, ya faɗo zuwa wajen 24 cikin ɗari. Lissafin ba shi ne ainihin yadda komai ke gudana ba, dan maƙwabta ba sa magana a warwatse haka, amma dai ka ga inda aka dosa, kana ƙara faɗi kana ƙara yawan mutanen da za ka jira.

Amma an ce rautocin zamani da kansu suke komawa ƙaramin faɗi in sun ga cunkoso?

Eh suna yi, masu kyau daga ciki. Ko da an manna tashoshi huɗu akwai guda ɗaya da ake ɗauka uwa, a kanta rauta take shelar sunanta kuma a kanta ake yin layin jira, sauran ukun 'yan rakiya ne. In lokacin aikawa ya yi sai rauta ta ɗan leƙa 'yan rakiyar, in babu kowa ta aika da faɗin duka, in akwai wani to mai wayo sai ta aika a kan 20 ko 40 kawai, marar wayo kuma ta koma layi ta sake jira daga farko.

Inda gizo ke saƙar shi ne kunnen rauta a kan 'yan rakiyar bai kai kaifin kunnenta a kan uwar ba. Sigina mai rauni na wani maƙwabci da ke can nesa kaɗan za ta iya kasa jinsa, ta ɗauka babu kowa, ta aika, maganarta ta yi karo da tasa a wajen wayarka da ke kusa da bangonsa. Fakitin, wato ɗan ƙunshin datar da aka aika, ya lalace, sai a sake aikawa, ya sake lalacewa, sai rauta ta ce to bari in rage gudu ko za a ji ni, kuma duk wannan yana faruwa ne cikin ƙiftawar ido sau ɗaruruwa. Kai abin da za ka gani kawai shi ne bidiyo kol ya daskare na daƙiƙa biyu ya dawo, ya sake daskarewa, alhali sandunan sigina a cike suke fal.

Sandunan sigina a cike suke fa, ta yaya za a ce matsalar wayifai ce?

Sandunan ƙarfin muryar rautarka kawai suke nuna maka, ba sa nuna hayaniyar da ke kewaye. Mutum zai iya tsayawa kusa da kai yana ɗaga murya a tsakiyar kasuwa kuma ka kasa gane me yake cewa. Sannan ita shelar da waya take auna sandunan da ita a kan 20 ake aika ta ko da ka saita 80 ko 160, shi ya sa in ka canza faɗi ba za ka ga sanduna sun motsa ba, kada ka ce aikin bai yi ba.

Na ji an ce ƙaramin faɗi ya fi kai wa nesa, gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki. Ƙarfin da rauta take fitarwa ƙayyadadde ne, in ta baza shi a kan 80 kowane yanki rubu'in abin da zai samu a kan 20 yake samu, ludayin miya ɗaya ne aka raba wa malmala huɗu. A ɓangaren mai karɓa kuma, duk lokacin da aka ninka faɗi hayaniyar da ke shiga kunnensa tana ninkuwa, abin da masu aikin ke cewa ƙarin desibel 3. Daga 20 zuwa 80 sau biyu aka ninka, desibel 6 kenan. A ƙa'idar wayifai ɗin ma haka aka rubuta: mafi raunin siginar da dole na'ura ta iya karanta a gudu mafi ƙasa shi ne -82 dBm a kan 20, -79 a kan 40, -76 a kan 80, dBm ɗin ma'aunin ƙarfin sigina ne, lambar da ta fi kusa da sifili ita ta fi ƙarfi.

Desibel 6 a falo kusa da rauta ba komai ba ne. Amma a ɗakin ƙurya bayan bangon bulo biyu, inda siginar take laɓe-laɓe dama, shi ne bambancin tsakanin saƙo ya tafi da ya tsaya yana juyawa. Sai dai kar a ɗauka magani ne na nisa, in rautar tana ƙasa bayan talabijin ko cikin durowa to ka fara ɗaga ta sama tukuna kafin ka zo mu yi maganar faɗi.

A 2.4 me zan saka?

20. Kullum, ko'ina, sai fa in gidanka a gona yake babu maƙwabci.

Wayifai na gida yawanci a manyan filaye biyu yake aiki, 2.4 da 5 gigahaz. Dalilin da na ce 20 shi ne filin 2.4 gigahaz ɗin gaba ɗayansa wajen megahaz 80 ne kacal. An jera tashoshi 1 zuwa 13 a ciki amma tazarar da ke tsakanin kowace da ta kusa da ita megahaz 5 ce kawai, alhali kowace tana buƙatar 20, kenan hawa kan juna suke yi. Guda uku ne aka saba amfani da su dan ba sa taɓa juna, 1 da 6 da 11. Tasha ta 1 tana cin 2402 zuwa 2422, ta 6 tana cin 2427 zuwa 2447, ta 11 kuma 2452 zuwa 2472.

Yanzu a ce ka saka 40 a kan tasha ta 6 tana miƙewa sama. Ka mamaye 2427 zuwa 2467, wato ka cinye ta 6 duka ka kuma shiga cikin ta 11 kusan gaba ɗaya. Duk wanda ke kan 6 da duk wanda ke kan 11 ya zama abokin jiranka, kai ma ka zama alaƙaƙai a gare su. Rabin filin unguwa ka shimfiɗa wa tabarma. Kuma a wannan filin ne bulutut yake tsalle-tsallensa, su iyafis da sifika da agogon hannu, na'urar ɗumama abinci ma a wajen 2450 take aiki, ga hotsifot na wayoyi da mayifai da kowa ke yawo da shi a aljihu. Ko kamfanin Apple a shawarwarin saitin rauta da ya fitar cewa ya yi a bar 2.4 a kan 20.

To in saka Auto mana, ko 20/40, ta zaɓa da kanta?

A 2.4 ni ba na bari. A ƙa'ida akwai tsarin zaman lafiya da ya ce in rauta ta ga wasu a kusa ta sauka zuwa 20 da kanta, wasu rautocin ma suna da wurin kunna shi da sunan 20/40 Coexistence. Masu bin ƙa'idar za su sauka, to ka ga tun da a unguwa mai cunkoso kullum akwai wasu a kusa, me ya rage, ka saka 20 ɗin kawai a wuce wurin. Waɗanda ba sa bi kuma, ko waɗanda suke duba unguwa lokacin da aka kunna su kaɗai, su ne matsala. Ka tuna yadda wutarmu take, an ɗauke an kawo, duk rautocin layi su tashi a lokaci ɗaya, kowace ta leƙa ta ga babu kowa dan sauran ba su gama tashi ba, kowace ta zaɓi abin da take so, bayan minti biyu duk sun haɗu a wuri ɗaya.

A 5 gigahaz fa? Nan ma 20?

A'a, nan maganar ta bambanta, kuma a nan ne nake saɓawa da masu cewa a rage komai zuwa 20. Filin 5 yana da yalwa sosai, tashoshi 36, 40, 44, 48, sai 52 zuwa 64, sai 100 zuwa sama, sai 149 zuwa 165, kuma waɗannan kowace da filinta na 20 ba sa hawa kan juna. Ga shi kuma siginar 5 ba ta iya ratsa bango kamar ta 2.4, wanda a nan alheri ne, dan rautar gida na uku ba za ta iso ɗakinka da ƙarfi ba. Saboda haka a gida mai katanga da tsakar gida, 80 tana aiki lafiya lau, ka bar ta.

Inda nake ragewa shi ne bene mai ɗakunan haya da yawa, masaukin ɗalibai, ko filaza mai shaguna manne da juna wani lokacin ma katako ne ya raba su. Abin da ke faruwa shi ne yawancin rautoci masu sauƙin kuɗi tashoshi 36 zuwa 48 suke zama, wasu da 149 zuwa 161, to kuma 36, 40, 44, 48 ɗin nan in aka manna su 80 guda ɗaya tak suke bayarwa. Kenan wanda ya zaɓi 36 da wanda ya zaɓi 48, in duk suna kan 80, wuri ɗaya suke zaune, lambar ce kawai ta bambanta. Mutane da yawa suna canza tasha daga 36 zuwa 44 su ce ba su ga canji ba, to ina za ka gani, ɗaki ɗaya ne ka tashi daga wannan kusurwa ka koma waccan. In ka sauka 40 sai filin ya rabu biyu, 36 da 40 gefe guda, 44 da 48 gefe guda, in ka sauka 20 ya rabu huɗu, a nan ne zaɓen tasha yake da ma'ana.

Ni a irin waɗannan wuraren da 40 nake farawa. Sai in na ga har yanzu ana karo sannan in sauka 20.

160 fa, tunda a kwalin rautata an rubuta tana yi?

A cikin cunkoso manta da ita. Tana cin tashoshi takwas, 36 har 64, kuma rabinsu na sama suna cikin yankin da wayifai ke raba fili da na'urar rada. Dokar yankin ita ce rauta ta saurara na minti ɗaya kafin ta fara aiki, in kuma tana cikin aiki ta ji abin da ya yi kama da rada dole ta tashi ta bar tashar nan take, kowa ya yanke. A saiti za ka ga an rubuta DFS kusa da irin waɗannan tashoshin. Wayoyi da yawa ma ba sa iya 160 ɗin.

Nawa zan rasa na gudu in na rage?

Ga lambobin gudu, a megabit a daƙiƙa wato megan da muke faɗi, da waya mai eriya biyu take nunawa in tana kusa da rauta. A tsohon tsarin 802.11n, 20 tana ba da 144, 40 tana ba da 300. A 802.11ac, 20 tana ba da 173, 40 tana ba da 400, 80 tana ba da 867. Waya mai eriya ɗaya rabin haka take samu, shi ya sa za ka ga ƙananan wayoyi suna nuna 72 a kan 2.4. Kuma wannan lambar ta allo ce, abin da yake isowa hannu a zahiri wajen rabi ne zuwa kashi biyu cikin uku, sauran yana tafiya a gaisuwa da jira da amsa cewa saƙo ya iso.

To yanzu tambayi kanka, intanet ɗin da ke shigowa gidan nawa ne? In rautar mai sim ce kuma da rana mega 15 ko 20 take kawowa, da daddare ta ɗan ƙaru, to 20 mai tsabta ta ishe ta har da ragi. Kiran bidiyo mega ɗaya zuwa biyu yake ci, kallon bidiyo mai kyau sosai bai cika wuce 25 ba. Abin da kira yake so shi ne kowane fakiti ya iso a kan lokaci, ba wai a ba shi fili mai yawa ba. Wanda zai ji ragin a jikinsa shi ne mai faiba ta mega ɗari biyu ko sama, ko mai tura manyan fayiloli tsakanin kwamfutoci biyu a cikin gida, shi kam ya zauna a 5 da 80 in unguwa ta bari, ko ma ya ja kebul ya huta.

Ta yaya zan gane cewa cunkoso ne ke damuna ba netwok ɗin kamfani ba?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi, dan rabin kiran da ake mani ba laifin wayifai ba ne sam. Hanyar rabewa ita ce ka gwada tsakaninka da rauta kaɗai, ba tare da ka fita intanet ba. A laftof mai Windows ka buɗe Command Prompt ka rubuta:

```
ping -n 100 192.168.0.1
```

Adireshin na iya zama 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, duba takardar da ke manne a ƙasan rautar. Wannan yana ƙwanƙwasa wa rauta ƙofa sau ɗari yana auna lokacin da ta ɗauka kafin ta amsa. In iska a tsabtace take za ka ga 1ms, 2ms, 4ms, a jere babu tsalle, ms ɗin kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. In kana ganin 3, 5, sai 180, sai 2, sai 400, sai Request timed out, to matsalar tana cikin iskar ɗakinka. In kuma wannan yana lafiya lau amma intanet yana jan ƙafa, to kamfani ne ko wurin da ka ajiye rautar ba ta samun sabis sosai, ko ka juya faɗi sau ɗari ba abin da zai canza.

Kuma ka yi gwajin a lokacin da abin yake damunka, bayan isha'i misali lokacin da kowa ya dawo gida ya kama waya, ba da hantsi da unguwa ta watse ba.

Dan ganin su waye a kusa da kai, a Windows ɗin dai:

```
netsh wlan show networks mode=bssid
```

Zai jero maka kowane suna da tasharsa da ƙarfinsa. A wayar Android kuma akwai manhajoji irin su WiFi Analyzer da ke zana maka abin kamar tuddai, faɗin kowane tudu shi ne faɗin tasharsa, da ido za ka ga wanda ya yi 40 ya danne mutane.

Ka ba mu misalin wanda ka gyara da hannunka.

Akwai wani mai shagon buga takardu da cike fom a wata filaza, bene na biyu, shaguna ne a jere gaba da baya. Laftof uku, firinta ɗaya mai wayifai, sai wayoyinsu. Kukansa shi ne da safe komai lafiya, daga azahar zuwa la'asar sai loda takardu ya riƙa katsewa a tsakiya, firinta ta ɓace a dawo da ita ta sake ɓacewa. Har ya canza sim sau biyu. Yana ganina ya ce, Malam, ni dai ina ga sabuwar rauta zan saya mai ƙaho huɗu. Na ce Alhaji bari mu duba tukuna kafin ka kashe kuɗi.

Na zo da misalin ƙarfe uku na rana. Gwajin ƙwanƙwasa ya nuna tsalle har sama da 300ms, fakiti shida cikin ɗari sun ɓace, tsakanin laftof da rautar da ke kan shelf taku huɗu. Na duba unguwa, sunaye sun haura ashirin a 2.4, yawancinsu mayifai da hotsifot na masu shaguna. Tasa rautar tana kan tasha ta 3 da faɗin 40 tana miƙewa sama, wato daga 2412 zuwa 2452, ta ciji rabin ta 1, ta haɗiye ta 6 duka. Wanda ya fara saita masa ya zaɓi 3 ne wai dan ya ga babu kowa a kanta.

Abu uku na yi. Na mayar da 2.4 zuwa 20. Na duba 1 da 6 da 11, ban ƙirga yawan sunaye ba, na duba wacce masu ƙarfin cikinta suka fi kaɗan, dan maƙwabci ɗaya mai -45 ya fi biyar masu -85 illa, sai ta 11 ta fito. Sannan na raba sunan 5 da na 2.4, na ɗora laftof biyu da suke iya 5 a can kan faɗin 40 tasha ta 44, na bar firinta da tsohuwar laftof a 2.4 tunda su iyakarsu kenan.

Lambar da tsohuwar laftof ke nunawa ta sauko daga 150 zuwa 72, Alhaji ya gani ya ce af, ai ka rage mani. Na ce duba nan, muka sake gwajin, yawanci ƙasa da 10ms, ɗan tsalle jefi-jefi, babu fakitin da ya ɓace. Intanet ɗinsa dama bai wuce mega 20 ba, 72 ɗin ta ɗauke shi. Ba wai 2.4 ta zama fili fetal ba, mutum ashirin ɗin suna nan, amma yanzu da kaso ɗaya nasu yake layi maimakon kaso biyu.

Me ya sa tasha ta 3 ta zama laifi, tunda babu kowa a kanta?

Dan zama tasha ɗaya da maƙwabci ya fi zama rabi a kansa. In kuna kan 6 ku biyu, rautocinku suna fahimtar maganar juna, wannan ya ce zan yi magana na lokaci kaza, wancan ya jira, ana bi da bi. In kai kana 3 shi yana 1 ko 6, ba kwa gane yaren juna, kowa yana jin ɗan'uwansa a matsayin ƙara kawai, kuma rauta ba ta dakatawa saboda ƙara sai ta yi ƙarfi sosai, sai ku riƙa magana a kan juna kuna ɓata wa juna fakiti. Faɗin 40 a 2.4 irin wannan ɓarnar yake yi, ko ta ina ka ajiye shi sai gefensa ya faɗa rabin tashar wani.

A ina zan canza, kuma zan iya ɓata wani abu?

Ka haɗa da rautar, ka buɗe burauza ka rubuta adireshin nan na ƙasanta, ka shiga da suna da fasuwod na mai gida, ba na wayifai ba, galibi shi ma yana jikin takardar. Nemi Wireless ko WLAN, wani lokacin sai ka shiga Advanced, za ka ga 2.4 da 5 kowanne da shafinsa. In rautar ta haɗe su a suna ɗaya da wani abu kamar Smart Connect, wasu ba sa nuna faɗin sai ka kashe shi. Ka zaɓa, ka danna Save ko Apply, wayifai zai ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, wayoyi su koma da kansu tunda suna da fasuwod ba su canza ba. Ba abin da zai lalace, amma ka ɗauki hoton shafin kafin ka taɓa, kuma abu ɗaya za ka canza ka gwada kafin ka taɓa na biyu, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

Mayifai ɗina da hotsifot na waya ba su da wannan saitin, ya zan yi?

Mayifai da yawa suna da shi a shafin burauza ko da manhajarsu ta waya ba ta nuna ba, leƙa can. Hotsifot na waya kuwa yawanci zaɓin 2.4 ko 5 kawai zai ba ka, to in na'urar da za ka haɗa tana iya 5 zaɓi 5, tunda kusa da juna kuke. In laftof ɗaya ce ma ka haɗa ta da wayar da kebul ɗin caji ka kunna USB tethering, ka fita daga rigimar iskar baki ɗaya, ga caji kuma tana sha.

In na rage nawa amma maƙwabcina ya bar nasa a 40, ai ni na yi asara ko?

Ba ka yi ba, dan ribar farko taka ce, ka rage yawan waɗanda kake jira kuma ka tattara ƙarfinka wuri ɗaya. Sai dai ka zaɓi tashar da tabarmarsa ba ta kai ba, in ya mamaye 1 zuwa 6 ka koma 11, in ya mamaye 6 zuwa 11 ka koma 1. In kuma kuna shiri, ka same shi bayan magariba ka nuna masa zanen tuddan nan a wayarka, yawanci bai ma san haka tasa take ba, yadda aka ciro ta daga kwali haka aka jona. Na taɓa yi wa wani bene mai gida shida haka, muka zauna da masu gidajen muka raba 1 da 6 da 11 yadda na sama da na ƙasansa ba za su haɗu a tasha ɗaya ba, kowa a kan 20, biyar suka yarda, na shidan ya ce shi ba mai taɓa masa rauta, muka bar shi a inda yake muka kewaye shi.